Abin Da Ke Bayan Motar

Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, muka yi shawarar sayar da gidansa na Kano domin a raba gado. Dillali ya nemi hoton da zai nuna wa masu saye. Ƙanenmu ya ɗauka da wayarsa, amma motar maƙwabci ta tare gefen ƙofa. Nan take ya goge ta da manhajar gyaran hoto, gida ya fito fes. Muka yi murna.

Da muka kai wa baffanmu, ya daɗe yana dubawa, sa'an nan ya ce, "Ku yara, ina tsagar nan ta gindin katanga?" Sai jikinmu ya yi sanyi. Ashe manhajar ba ta san abin da ke bayan mota ba. Lafiyayyen bangon da ke gefe ta kwaikwaya ta cike gurbin, har da wurin da damina ta tsaga kusan kamu biyu. Ga kuma inuwar motar nan kwance a ƙasa, babu mai ita, bakin kwata ya yanke a tsakiya.

To, jama'a, mota ba ta cikin ciniki, cire ta kawai ba ha'inci ba ne. Amma mun gane akwai tambayoyi biyu. Ta farko, me ta rufe? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai ɗora jiƙaƙƙen a sama ba inda mutane za su gani. Tsagar katangarmu ita ce jiƙaƙƙen abincinmu. A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda ya tarar da tsohon aibi mai yawa da aka ɓoye masa yana da ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa.

Ta biyu, motar baƙuwa ce ko 'yar gida? Ta maƙwabcinmu kullum nan take kwana, domin lungun ƙunci gare shi. Ma'aikacin da zai saya daga Kaduna, ya ga fili a hoto, zai ɗauka ya sami wurin ajiye tasa, ya yi tayi a kan haka. Ma'auninmu ke nan: duk abin da saninsa zai rage tayin mai saye, ɓoye shi ha'inci ne.

Washegari muka roƙi maƙwabci ya matsar da motarsa, muka sāke hoto, tsaga a fili. Muka gaya wa dillali ya faɗa wa kowa cewa mota na kwana a wurin. Tayi ya ragu, wata ƙanwarmu ta yi kwana biyu ba ta gaishe mu ba. Amma kuɗin da muka raba, har da rabon marayu, ba mu jin tsoron wani ya dawo mana a kansa. Allah Ya tsarkake mana cinikinmu, amin.