Amsar da za ka ba banki ba wurin huce haushi ba ce

Masu sayar da kaya ta intanet, waɗanda ake biyan ku da katin banki, wannan maganar taku ce. Wata rana saƙo zai shigo daga kamfanin da ke karɓar muku kuɗi, da kalmar chargeback a samansa. Wato mai katin ya je bankinsa ya ce a dawo masa da kuɗinsa, an kuma riƙe kuɗin sai kun kawo hujja. Idan amsarku ba ta gamsar ba, ga kuɗi sun tafi, ga kaya sun tafi.

Ƙanwata tana saro atamfa a Kantin Kwari tana sayarwa ta waya. Wata mata a Abuja ta sayi turmi huɗu a kan naira 186,000, ta biya da katin Visa, aka aika mata. Bayan kusan wata biyu sai ga ƙorafi, wai kaya ba su iso ba. Kada jinkirin ya ba ku mamaki, domin a ƙa'idar Visa mai kati yana da kwana 120 na shigar da irin wannan ƙorafin. Kai mai sayarwa kuwa wa'adin da kamfanin karɓar kuɗi zai ba ka gajere ne ƙwarai, yana nan rubuce a cikin saƙon, kuma in ya wuce ba ka ce komai ba, an ɗauka ka amince.

Kafin ta tura amsarta ta nuna mini, tana cewa, "Yaya, duba min ko na manta wani abu." Ta fara da wallahi tallahi, ta faɗi shekarun da ta yi tana sana'a ba wanda ya taɓa cewa ta ci masa kwabo, ta kira matar macuciya, ta rufe da Allah ya isa. Sannan ta jibga hotunan hirarsu ta WhatsApp, na farko a ƙarshe, na ƙarshe a tsakiya. Gaskiya ce da ita, na sani. Amma wanda zai karanta ma'aikaci ne a bankin da ya ba matar kati. Bai san ƙanwata ba, wataƙila ko Hausa ba ya ji, gabansa akwai tarin ƙorafe-ƙorafe, kuma tambaya ɗaya tak aka ɗora masa ya warware.

Tambayar tana cikin lambar dalili da ke jikin ƙorafin, kuma nan ne mutane da yawa ke ɓata hanya. A tsarin Visa, 13.1 na nufin mai kati ya ce bai karɓi kaya ba. Ita kuwa 10.4 na nufin ya ce ba shi ya yi cinikin ba, wani ne ya yi amfani da katinsa. Hujjar wannan ba ta yi wa waccan aiki. In an ce maka 10.4, abin da ake nema shi ne shaidar cewa mai katin ne da kansa, kamar bayanin cewa bankinsa ya tantance shi da OTP lokacin biya. In kuma 13.1 ce, ko ka kawo shaidar OTP ba ka taɓa tambayar ba, tunda matar ba ta musa cewa ita ta biya ba. Cewa ta yi ba a kawo ba. Don haka aikin duka shi ne a nuna an kawo, a ranar kaza, a adireshi kaza, hannun wane.

Muka share komai muka sake. Da Turanci aka tura, amma ga abin da ta ƙunsa:

"Ba mu amince da ƙorafin rashin karɓar kaya a kan cinikin naira 186,000 na ranar 3 ga Maris ba, domin an kai kayan ranar 6 ga Maris. Ranar 3 mai katin ta yi odar atamfa turmi huɗu, ta rubuta adireshin da za a kai da lambar wayarta, duba hujja ta 1. Ranar 4 muka miƙa kayan ga kamfanin aike, ga rasit mai lambar bibiya, hujja ta 2. Ranar 6 da ƙarfe 2:40 na rana aka miƙa su a wannan adireshin, aka sa hannu, hujja ta 3. Wanda ya sa hannun ƙanenta ne, kuma ita ta umarci a ba shi a saƙon da ta turo da safiyar ranar, hujja ta 4. Ranar 7 ta rubuto daga lambar da ke jikin odar cewa kaya sun iso, hujja ta 5. Muna neman a soke ƙorafin a saki kuɗin."

Shi ke nan. Babu siffanta halin kowa, babu rantsuwa, kuma kowace jimla tana jingine da takarda mai lamba, an haɗa su a PDF ɗaya bisa jerin ranaku.

Hujja ta 4 ita ta fi ba mu aiki, kuma a ganina ita ce ƙashin bayan amsar. Mu a nan ba kasafai mai kaya ke karɓa da hannunsa ba. Ƙane ne, ko mai gadi, ko yaron gida. Ma'aikacin banki kuwa sunan da ke kan kati zai duba, ya duba sunan da ya sa hannu, in sun saɓa ba bayani, takardar da ka kawo don ta cece ka sai ta koma shaidar cewa wani daban aka ba. Dole a cike wannan giɓin da maganar mai katin kanta. Mun ci sa'a a rubuce ta turo, "a ba ƙanena, na fita." Da saƙon murya ne, kamar yadda muka fi sabawa, da an sha wuya, don takarda da hoto ake karɓa. Hoton hirar ma sai da muka sake ɗauka, yadda lambar waya da kwanan wata za su fito, ba sunan da ƙanwata ta adana ta da shi ba, wai "Hajiya Abuja 2", wanda kowa zai iya laƙaba wa kowace lamba. A ƙarƙashin kowane hoto muka sa fassarar Turanci, kalma da kalma, ba ƙari.

Masu aika kaya ta tasha, ku ne kuka fi ba ni tausayi a nan. Hoton ƙunshi a bayan mota da lambar direba suna nuna kaya sun tashi ne kawai, ba sa nuna sun sauka. Idan cinikin kati ne mai nauyi, ko dai ka biya kamfanin da ke karɓar sa hannu, ko ka sa mai kaya ya rubuto maka da kansa cewa ya karɓa, a ranar, tun ana shiri.

Sai tarkon da masu kunya ke faɗawa. Ana tsakiyar rigima mai kati zai kira ya ce a tura masa rabin kuɗin ta asusu a rufe magana. Kada ka yi. Bankinsa bai san da wannan sulhun ba, ƙorafin yana nan a buɗe, in aka yanke masa sai ya haɗa biyu. In za ka mayar, ka mayar ta cikin shafin ƙorafin, inda za a rubuta.

Kuma in ka duba ka ga ba ka da sa hannu, ba ka da saƙon karɓa, ni dai shawarata ka amince da ƙorafin tun a matakin farko. Idan aka ja maganar har ta kai gaban kamfanin katin ya yi hukunci, wanda ya faɗi shi ke biyan kuɗin shari'ar, da dala ake lissafa shi, kuma yakan fi kuɗin atamfa turmi huɗu.