Ranar da jikka ɗaya ta ɓace a asusu

Ƴan uwa, mu shugabannin asusu mun san inda gardama ta fi zafi: wurin ƙirgar kuɗi, tsakanin ma'ajiya da mai riƙon kaye. Ɗaya na tsoron a ce ta ci, ɗaya na tsoron a ce ba ta iya rubutu ba. Shi ya sa murya ke tashi da wuri.

Ga yadda ta faru a ƙungiyarmu. Mu 25 ne, kowace tana zuba dala 100, jikka 12 da rabi ke nan. Ranar kuma wata ta maido bashin jikka 10 da ribar jikka 1. Kaye ya ce jikka 23 da rabi, faifai ya ce 22 da rabi. Nan take mai kaye ta ce: "Ke dai kullum haka kike!"

Da mun ji "kullum", mun san an bar lissafi an koma kan mutum. Sauran alamun su ne miƙewa tsaye, nuni da yatsa, da tono zancen bara. Wadda zuciyarta ke tafasa ba ta iya haɗa biyar da biyar daidai, don haka ba mu ƙirga a wannan hali.

Sai muka rufe faifan da zane a gaban kowa, don kada a ce hannu ya shiga. Muka ce kowa ta zauna, aka kawo ruwa. Ma'ajiya ta sha, ta sassauta murya ta ce: "Yaya, ban ce ke ce ba. Jikka ɗaya muke nema, mu neme ta tare."

Daga nan muka tambayi kuɗin kansa: mi ke yin jikka ɗaya cif? Ko zubin mata biyu, ko ribar bashin nan. Muka kira suna ɗaya bayan ɗaya, zubi 25 ya cika. Da muka zo kan bashi, mai biya ta ce uwar kuɗi kawai ta kawo, riba sai mako mai zuwa. An rubuta 11 ne tun kafin a ƙirga.

Tun ranar muka sa doka: masu ƙirga su faɗi adadi da ƙarfi, sannan a rubuta.

Amma dubarar tana da iyaka. In har kalmar "sata" ta fita, ruwa ba ya kashe wutar, domin magana zarar bunu ce. Ranar ba mu yanke hukunci. Mukan rubuta giɓin, a kulle akwati, masu makulli su tafi da makullansu, sannan wata dattijuwa ta ji kowace ita kaɗai kafin taro na gaba.