Shafin Farko Da Ya Ƙi Fitowa



Bara muka haɗa kundin gajerun labaranmu, shafi 212, nauyinsa megabait 38 saboda hotuna. Muka ɗora shi a shafinmu na intanet a matsayin PDF, muka zauna jiran yabo. Saƙon da ya fara zuwa daga wata malamarmu ne: "'Ya'yana, na danna, farin allo kawai nake kallo, ga datata tana tafiya. Na haƙura." Wata takwas muka yi kan littafin nan, ko sunansa ba ta gani ba.

Da muka bincika, sai muka gane cewa PDF na yau da kullum a ƙarshensa yake ajiye jadawalin da ke nuna inda kowane rubutu da hoto yake. Sai manhaja ta samu jadawalin nan sannan ta san inda shafin farko yake, shi ya sa sau da yawa take jiran fayil ɗin ya gama sauka. Maganin shi ne a sake jera kayan ciki: duk abin da shafin farko ke buƙata ya dawo gaba, tare da bayanin inda sauran shafuka suke. Da qpdf muka yi, manhaja ce kyauta:

```
qpdf --linearize kundi.pdf sabo.pdf
pdfinfo sabo.pdf
```

Umarni na biyu gwaji ne. Idan layin `Optimized` ya nuna `yes`, an dace. A Acrobat kuwa za a ga `Fast Web View: Yes` cikin bayanan fayil. Muka gwada a waya, bango ya fito nan take, sauran na sauka a hankali.

Bayan sati biyu muka gyara kuskuren suna guda, muka danna `Save`, sai farin allon ya dawo. Ashe irin wannan ajiya liƙa gyaran take a gindin fayil da sabon jadawali, jerin ya lalace. Tun daga ranar, umarnin nan ne aikinmu na ƙarshe bayan kowane gyara.

Dabarar tana da iyaka. Ba ta rage nauyi, megabait 38 ɗinmu suna nan, sai da muka rage girman hotunan daban. Tsallakawa zuwa shafi na 150 kai tsaye kuma sai rumbun da aka ɗora fayil ɗin yana iya miƙa shi gutsure-gutsure, alamarsa `Accept-Ranges: bytes` a amsar `curl -I`. A WhatsApp kuwa ba ta da amfani, domin sai ya sauka duka ake buɗewa.

Muka sake tura wa malama. Washegari ta kira tana faɗa kan yadda muka kashe jarumar labari na uku. Ba mu taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.