Ranar da "Malam" ta kasa rufa min asiri

A farkon watan Oktoban bara, da aka buɗe makarantu, na taso daga Dogon Kiriya zuwa taron malamai a Dogon Dutsi. Lokacin hutun cin abinci wani mutum ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya kira ni da laƙabin da ba wanda ya sani sai waɗanda muka yi makarantar horar da malamai tare a Dosso. Fuskarsa na sani sarai. Na tuna shi ne ya yi jinyata kwana uku lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni. Sunansa kuwa ya ɓace min ɓat.

Gaisuwarmu tana da tsawo, shi ya sa take rufa wa mai mantuwa asiri. Ina gajiya, ina iyali, yaya damina, yaya yara. Ni kuwa sai "Malam" nake ta jerawa, alhali kowa a wurin malam ne. Da muka zo musayar lamba, sai na yi dabara, na ce masa, "Malam, yaya ma ake rubuta sunanka?" Ya dube ni, ya faɗa. Ashe harafi uku ne, ɗan aji ɗaya ma zai rubuta. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ka manta ni." Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba a gaban allo.

A hanyar komawa gida na gane cewa dabarar ce ta ɓata masa rai fiye da mantuwar. Kowa yana mantuwa bayan shekara ashirin, amma ni na bar shi yana ta zuba zumunci ina ɓoye masa.

Tun daga ranar na sauya hali. Kafin gaisuwa ta ƙare, nakan fara faɗin abin da na tuna, sannan in nemi afuwa. Bayan wata biyu wani dattijo daga wajen Tibiri ya tare ni a kasuwa. Na ce, "Baba, na tuna ka kawo jikanka ajina, har ka ba ni goro. A gafarce ni, sunan ne ya kwanta min." Ya yi dariya ya faɗa, na maimaita sau biyu kafin mu rabu, da dare kuma na rubuta shi a littafina tare da sunan garinsu.

Abokina kuwa, bayan mako guda na kira shi, na fara da sunansa, na yi masa godiyar jinyar da ban taɓa yi ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya tambaye ni lafiyar iyali.