"Ara mini turmi" ba rashin kunya ba ne

Jama'a, na gaji da jin 'yan boko suna cewa wai Bahaushe bai iya roƙo ba, umarni kawai yake bayarwa.

Wannan ma'aunin aro ne. A littafinsu na 1987, Brown da Levinson sun ɗauki roƙo a matsayin shiga hurumin mutum, don haka sai an yi kewaye-kewaye a sassauta. A 1992 Nwoye ya nuna cewa a wajen Ibo ba haka abin yake ba, domin taimako haƙƙi ne da ke kan kowa.

Mu ma haka ne. Idan na yi sallama, muka gaisa, na ce wa maƙwabciyata "Maman Ummi, ara mini turmi", na gama ladabi. In na tsaya dogon lallashi, cewa za ta yi: "Yau kuma bare kika mai da ni?"

Amma in rance mai nauyi nake nema wurin babba, ba na tunkararsa. Wani nake turawa, don ko ya hana, ba mu haɗa ido ba, gobe mu gaisa ba nauyi.

Kafin ku ce wani ba shi da ladabi, ku tambaya: da mudun wa kuka auna?