Rufe littafin, ki faɗa mana

Jama'a, galibin yaranmu da ke shirin jarrabawar kammala sakandare karatu iri ɗaya suke yi: su buɗe littafin rubutu, su karanta, su koma farko. Akwai wata 'yar unguwarmu da ta yi makonni a haka. Ta dawo makaranta a gajiye, ta taya mahaifiyarta aiki, sannan ta zauna da darasin Bayoloji har ta fara gyangyaɗi.

Wani dare yayarta, mai koyon aikin jinya, ta karɓe littafin ta kife shi.

"Sau nawa kika karanta zagayawar jini?"

"Sau biyar, Yaya. Na iya shi."

"To, jini ya fito daga ɓangaren dama na zuciya. Ina ya nufa?"

Shiru. Can ta ce, "Wallahi yana bakina."

Amsar ita ce huhu. Can yake ɗauko iska, ya dawo ɓangaren hagu, daga nan a tura shi sauran jiki. Idonta ya saba da shafin ƙwarai, shi ya sa take jin ta iya. Amma a ɗakin jarrabawa babu shafin, sai abin da kai ya iya fitarwa.

Yayar ta sauya mata tsari. Ta karanta darasi na minti 20, ta rufe, ta zana zuciya da ɗakunanta huɗu a farar takarda, ta sa kibiyoyin da ke nuna hanyar jini. Sai ta buɗe littafin ta gyara da jan biro. Ranar farko takardar ta yi jawur, har ta juya huhu da jiki. Kowane kuskure ya zama tambaya a bayan littafi, ta amsa washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako. A zane na huɗu babu ja ko ɗaya, kuma tun ƙarfe goma take kwanciya.

Masana sun gwada wannan. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2006, ɗaliban da suka yi ta maimaita karatu sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda masu gwada kansu ne suka yi gaba. Mu ma mun san shi tun a makarantar allo, inda ba a wanke allo sai an bayar da hadda.

Sharaɗi biyu ne. Dole a duba amsa bayan gwaji, don kada kuskure ya zauna daram. Kuma abin da ba a fahimta ba, malami za a koma wa tukuna.

Iyaye, ko ba mu san darasin ba, muna iya riƙe littafin mu ce, "Faɗa mana." Inda yaro ya yi tuntuɓe, nan ne karatunsa na gobe.