Ƙudan da ya ari rigar zuma

A ranin bara, lokacin da mangwaro ke fure, saura kaɗan mu ɗauki alhakin wani bawan Allah saboda ƙwaro. Mun ga ya kamata mu rubuta yadda abin ya faru, don kada a maimaita.

Duk wanda ke salla a ƙaramin masallacinmu ya san kwatar da ruwan alwala ke bi ta bayan gini. A lokacin ta toshe, ruwa ya kwanta ya yi baƙi. Sai aka fara ganin wasu ƙwari masu ratsin ruwan ɗorawa suna ƙugi a wurin. Yara suka daina zuwa cika butoci, kowa na cewa zuma ce. Nan take hankali ya koma kan wani dattijo da ke tsallaken fili, tsohon ma'aikacin reluwe, mai amya biyar a jikin bishiyoyinsa. Shekaru muna sayen zumarsa muna sayarwa a shago. Bayan Isha samari suka same mu, ɗaya ya ce, "Liman, ko ya kwashe amyoyinsa ko mu sa musu wuta." Mu da muka zauna a Kafanchan mun san abin da ƙaramar wuta ke jawowa tsakanin maƙwabta. Muka tuna musu cewa zuma na cikin halittu huɗu da aka hana kashewa a hadisin Ibn Abbas da Abu Dawuda ya ruwaito, muka roƙi a ba mu kwana biyu. Gaskiya mu ma a zuciya mun ɗauka zumar ce.

Washegari wani abokin cinikinmu da ke kawo mana citta daga wajen Kwoi ya zo shago. Ya taɓa koyar da aikin gona a sakandare. Da ya ji labari sai ya ce, "Malam, an harbi wani?" Muka yi shiru, don babu wanda aka harba ko ɗaya. Ya ce a ba shi kofin gilashi da kwali. Muka je bakin kwata, ya jira ɗaya ya sauka a bango, ya kifa masa kofi, ya zura kwalin ta ƙasa. Muka sa shi cikin kular ƙanƙara 'yan mintoci har jikinsa ya yi sanyi ya daina tashi, sannan muka duba.

Abin da ya fara nuna mana shi ne kai. Zuma tana da ƙahonni biyu dogaye masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, kullum tana taɓa abu da su. Wannan kuwa nasa gajeru ne ƙwarai, sai ka matso kake ganinsu. Idanunsa manya sun kusa cinye kan gaba ɗaya, irin na ƙudan gida, alhali idon ma'aikaciyar zuma siriri ne, yana gefen kai. Daga nan ya koma kan fiffike. Zuma da rina da zanzaro huɗu gare su, ƙuda biyu. Amma ya ce kada mu dogara da ƙirga, domin na gaba da na baya a jikin zuma suna maƙale da juna har su yi kamar ɗaya. Gara a duba yadda yake ajiye su. Zuma in ta zauna takan kwantar da su a gadon baya, shi kuwa sau da yawa yakan bar nasa a ɗan buɗe. Na ƙarshe ƙafar baya: ta zuma tana da faɗi, a nan take ɗaure garin fure kamar ƙullin kaya, shi ba ya ɗauke da ƙullin komai.

Akwai kuma alamar da ba ta buƙatar kofi, wato tashi. Wannan ƙudan yakan tsaya cak a iska kamar an rataye shi da zare, ya yi wuf gefe, ya dawo inda yake. Zuma ba ta da wannan wasan, tana zuwa ne da aiki ta koma.

A yinin nan mun kama 12. Goma ƙudaje ne, biyu zuma ce ta gaske. Wannan ma sai mu faɗa, don kada a ce mun ɓoye: da rani zuma na zuwa ɗibar ruwa don sanyaya amya, kuma ko'ina ta samu takan sauka. Amma taron da ya tsorata mu ba daga amya ya fito ba. Mutumin ya sa sanda ya tona taɓon kwatar, sai ga tsutsotsi farare-farare masu doguwar wutsiya kamar ta ɓera. Ya ce 'ya'yan ƙudan ke nan. Wutsiyar bututu ce da suke miƙawa saman ruwa su shaƙi iska, shi ya sa suke rayuwa a ruwan da ya ruɓe. Ashe mu muke kiwonsu a bayan masallacinmu, muna zargin na tsallake.

Muka tambaye shi amfanin wannan kamanni. Ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsuntsun da ya taɓa cafkar zuma ya sha harbi, duk mai irin wannan ratsi sai ya ba shi hanya. Ƙudan ba shi da ƙari ko kaɗan, tsoron da ake yi wa zuma ne ke tsare shi. Wani Bature mai suna Henry Bates ya yi bayanin wannan dabara a 1862, bayan ya yi shekaru yana nazarin malam-buɗe-littafi a dajin Amazon.

Samarin da suka zo da maganar wuta su suka yashe kwatar ranar Asabar. Dattijon kuma, da muka je muka gaya masa komai, ya ajiye kwano da ruwa da tsakuwa kusa da amyoyinsa don zumarsa ta sha a gida. Cikin 'yan makonni wurin alwala ya lafa.

Sai dai ilimin ya zo da nasa kuskure. Wani jikanmu da ya ji ana cewa ba ya harbi, ya je ya damƙe ɗaya a kan furen kabewa, ashe zuma ce. Mun kankare ƙarin da farce nan take, hannu ya kwana biyu a kumbure. Da fuska ce ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, da asibiti za mu nufa ba jira. Don haka ga iyakar abin. Dubawa da ido ake yi, ba da hannu ba. In ka ga ƙwari sun dunƙule a reshe, ko suna shige da fice a rami ɗaya, kada ka tsaya duba ƙaho, ka ja yara ku bar wurin, don ƙudan nan ba ya gina gida ba ya taron dangi. Fiffike biyu ma ba shaidar aminci ba ce ga kowane ƙwaro, tsando biyu gare shi kuma yana cizo. Akwai kuma wasu ƙudajen da suka kwaikwayi rina har da siririn ƙugu da dogon ƙaho. In ka yi shakka, ka ɗauka mai harbi ne ka ƙyale shi.

Masu lambu a bakin rafi, in kun ga wani siriri mai ratsin rawaya yana tsayawa a iska kan kayan miya, ku dakata da feshi. 'Ya'yan wasu irinsa darɓa suke ci, uwar kuma tana barbarar fure.

Kama da wane ba wane ba ne. Kafin a sake taruwa a kan amyar wani, a zo shago a karɓi kofin, yana nan a kan kanta. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.